Sabuwar waya ta lalace kwana uku da saye: yadda ake rubuta imel ɗin neman haƙƙi

Kowane kamfani mai sayar da kaya ta intanet yana da ma'aikacin da aikinsa shi ne karanta koken masu saye. Ba shi ya sayar maka da kayan ba, bai san ka ba, bai kuma ga abin da aka kawo maka ba. Abin da ke gabansa kwamfuta ce da dogon jerin saƙonni, kowanne kuma tambaya uku yake yi masa: wace oda ce, me ya same ta kuma yaushe, me mai ita yake so a yi. In ya samu amsa uku nan take, koken ya wuce gaba. In bai samu ba, sai ya danna amsar da aka riga aka tanada, wadda ke cewa a turo lambar oda, ya koma kan na gaba. Kai kuwa kwana biyu sun tafi a banza, alhali a wannan harka kwanakin su ne jarinka, domin wa'adin mayar da kaya ba ya jiran kowa.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wata malamar makaranta a Gusau ta yi odar waya daga wani shagon intanet da ke Legas ranar Litinin 3 ga Maris, 2025. Ta biya naira 185,000 ta tiransifa, da naira 4,500 kuɗin kawowa. Ranar Juma'a 7 ga wata aka kawo. Ranar Litinin 10 ga wata sai ƙasan allon ya daina jin taɓi. In ta kashe wayar ta kunna sai ya yi aiki kamar minti goma, daga nan ya sake mutuwa. Wayar ba ta faɗi ba, ruwa bai taɓa ta ba.

Abu na farko da zuciya za ta raya mata shi ne ta miƙa wa yaron da ke gyaran waya a bakin kasuwa ya duba. Wannan shi ne abin da zai kashe maganar tun ba a fara ba. Kusan duk takardar garantin waya ta ce in wanda kamfani bai amince da shi ba ya buɗe ta, garanti ya faɗi, kuma masu dubawa suna ganewa: gam ɗin murfin baya ba ya komawa yadda yake, kan ƙusoshi yana nuna alamar sukuddireba. Don haka ta mayar da ita kwalinta, da caja da duk wata takarda da ta zo da ita, har ledar da ɗan aike ya kawo ta ciki in ba a yar ba, saboda lambar jigila tana manne a jikinta.

Kafin ta rubuta ko kalma ɗaya, sai ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, don uku ne, kuma mutane suna cakuɗa su. Ta farko ita ce ƙa'idar shagon kansa ta karɓar kaya a mayar da kuɗi. Manyan shagunan intanet na Najeriya, irin su Jumia da Konga, sun saba ba da kwana bakwai a kan yawancin kaya, ana lissafi daga ranar da aka kawo, amma kowane shago da tasa ƙa'idar, kuma sukan canza ta, saboda haka a duba a ɗauki hoton shafin. Ta biyu garanti ne, wanda alkawarin kamfanin da ya ƙera wayar ne, galibi na shekara ɗaya. Garanti gyara yake bayarwa, ko canji in gyara ya gagara, ba kasafai yake mayar da kuɗi ba, kuma a cibiyar gyara ta kamfanin ake neman sa, kamar yadda masu Tecno da Infinix da itel ke zuwa Carlcare. Ta uku doka ce. Dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a sashe na 132 cewa in kaya ba su da ingancin da ya kamata, mai saye na iya mayar da su ga wanda ya sayar masa cikin wata uku da karɓa, ba tara, kuɗin mayarwar kuma a kan mai sayarwa, shi kuwa ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a dawowa da su, bai isa ya shafe wannan haƙƙi ba in kayan lalatattu ne.

Malamar tana cikin wa'adin ƙofofin uku duka: kwana bakwai sai 14 ga Maris, wata uku sai 7 ga Yuni, garanti sai baɗi. Wadda ta fi mata ita ce ta farko. Dalili kuwa, in ta ambaci garanti a saƙonta, ta ba shagon hanyar zillewa cikin sauƙi, sai su ce ta tafi cibiyar gyara, ta ƙare da gyararriyar waya a kuɗin sabuwa. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi cin mutane, ya ma fi zafin baki. Wanda har yanzu yake cikin kwanakin mayarwa, kada kalmar garanti ta fito daga bakinsa.

Sai hujja, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci. Hujja aiki biyu take yi. Ɗaya ta nuna cewa wannan wayar ce aka saya a wannan shagon, ɗaya ta nuna cewa lalacewar ba daga hannun mai saye ta fito ba.

Na farkon ya rataya ne a kan lambar IMEI, lamba mai alƙaluma 15 da kowace waya ke da tata, mai layi biyu kuma tana da biyu. Tana rubuce a takardar da ke manne a jikin kwali, kuma tana fitowa a allo in an danna wannan a wurin kira:

```
*#06#
```

Sai malamar ta kashe wayar ta kunna, cikin minti goman da allon ke aiki ta danna lambar, ta ajiye wayar kusa da kwalin, ta ari wata waya ta ɗauki hoto ɗaya da lambobin biyu suka fito a cikinsa ana iya karanta su. In sun yi daidai, shi ke nan. In suka saɓa, to maganar ta canza: wayar da ke cikin kwalin ba ita ce ta kwalin ba, watau an musanya ko an sake shirya tsohuwa, kuma wannan shi zai zama layin farko na koken, ba matsalar allo ba. Tare da wannan hoton sai imel ɗin da shagon ya turo na tabbatar da oda, da rasit ɗin banki. Ba gajeren saƙon alat ake nufi ba, cikakken rasit ɗin da manhajar banki ke fitarwa, mai ɗauke da sunan asusun da kuɗin ya shiga da doguwar lambar nan ta Session ID mai alƙaluma 30. Da ita mai lissafin kuɗin shagon zai gano kuɗin cikin asusunsu ba tare da gardama ba.

Aiki na biyu na bidiyo ne. Hoton allon da ba ya jin taɓi bai nuna komai ba, allo ne lafiyayye a ido. Dole a ga yatsa yana dannawa abu bai motsa ba. A matsalar malamar, wurin kira shi ne mafi kyawun wurin gwaji: ta danna 1, 2, 3 a ga sun fito, ta gangara layin ƙasa ta danna 0 a ga shiru, ta maimaita. Daga nan, ba tare da tsayar da ɗauka ba, ta juya wayar ta nuna gaba da baya da kusurwoyi huɗu, a ga ba tsagewa ba lotsawa, kwalin kuma yana nan a gefe cikin hoton. Rashin yankewar yana da dalili. Bidiyon da aka harhaɗa yana ba mai dubawa damar cewa wata waya aka nuna a rabi na biyu. Daƙiƙa talatin zuwa arba'in sun isa, a wuri mai haske, a kan tebur, ba a hannu ana tafiya ba.

Akwai ƙaramin abu da mutane da yawa ba su san da shi ba. Wayoyi da dama suna da ɗan farin tabo a cikin ramin da ake sa layi, wanda ke komawa ja ko ruwan hoda in ruwa ya taɓa shi. Shi ne abu na farko da mai dubawa ke leƙawa, domin "ruwa ya shiga" ita ce hujjar da aka fi ƙin karɓar waya da ita. In wayar tana da shi, a zare mazaunin layin, a haska da tocila, a ɗauki hotonsa yana fari kafin wayar ta bar hannu.

Yanzu ga saƙon. Na rubuta shi da Hausa. Yawancin shagunan nan da Turanci suke aiki, to in an mayar da shi Turanci kada a canza tsarinsa, lambobi da ranaku ne ke ɗauke da nauyinsa.

A layin take, inda aka rubuta Subject: "Neman mayar da kuɗi, oda mai lamba 7730518, waya ta lalace kwana uku da karɓa."

Sai jikin saƙon:

"Barkanku da aiki. Ina neman a karɓi wayar da na saya a oda mai lamba 7730518, a mayar mini da naira 189,500, watau kuɗin waya 185,000 da kuɗin kawowa 4,500.

"Na yi odar ranar 3 ga Maris, 2025, na biya ta tiransifa a ranar. An kawo ranar 7 ga Maris. Samfurin wayar da launinta da lambar IMEI ga su a ƙasa.

"Tun ranar 10 ga Maris, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasan allon ba ya jin taɓi. In na kashe na kunna yakan yi aiki kamar minti goma, sannan ya sake tsayawa. Na cire ledar kariyar allo, na gwada da caja a jiki da babu, duk ɗaya ne. Wayar ba ta faɗi ba, ruwa bai taɓa ta ba, ba a kuma buɗe ta ba. Tana cikin kwalinta da duk kayanta.

"Yau kwana huɗu da karɓa, ina cikin kwana bakwai na ƙa'idarku. Na haɗa da: 1, tabbacin oda, 2, rasit ɗin banki, 3, hoton IMEI na waya da na kwali, 4, hoton alamar ruwa, 5, bidiyon matsalar.

"Don Allah ku sanar da ni yadda za a karɓi wayar, da ranar da kuɗin zai koma asusun da na biya da shi. Ina jiran amsarku zuwa ranar Juma'a 14 ga Maris. Na gode."

Sai suna kamar yadda yake a odar, da lambar wayar da za a same ta, wadda ba ta dogara da lalatacciyar wayar ba.

A lura cewa buƙatar ce ta zo farko, labarin ya biyo baya. Mu a al'ada sai mun yi gaisuwa mun shimfiɗa zance kafin mu faɗi abin da ya kawo mu, kuma gaban mutum hakan ne daidai. A imel irin wannan, mai karantawa na iya tsayawa a layi na biyu, don haka layin farko ya ɗauki komai. Buƙatar kuma ɗaya ce tak, da adadinta. Wanda ya rubuta "ku duba abin da za ku yi mini" ko "a gyara ko a canza ko a ba ni kuɗina" ya bar wa shagon zaɓi, su kuwa mafi arha a gare su za su ɗauka. Maganar "asusun da na biya da shi" ma ba ado ba ce. Shaguna da yawa sun fi son zuba kuɗin a jakar mai saye da ke cikin manhajarsu, ko su ba da takardar rangwame, wadda a wurinsu kaɗai za a kashe ta.

Sakin layi na uku abin da ido ya gani kawai ya faɗa. Malamar ba ta ce "allon jabu ne" ko "tsohuwa kuka sayar mini" ba, ko da tana zargin haka. In ta yi hasashen sababi kuma mai dubawa ya ga ba shi ba ne, sai rahotonsa ya ce abin da aka yi ƙorafi a kai ba a same shi ba, a dawo mata da wayar. Shi ya sa maganar minti goma take da muhimmanci ƙwarai. Mai dubawa zai kunna wayar, ya shafa allon, ya ga lafiya lau, ya rufe. In ba a gaya masa ya jira ba, ba zai jira ba. Matsalar da ke zuwa tana tafiya, sai an rubuta yadda za a tayar da ita. Jerin abubuwan da ta riga ta gwada kuma yana tare amsar nan ta "ki kashe ki kunna ki gani", wadda ita ma kwana biyu take ci.

Babu zagi a ciki, babu Allah ya isa, babu barazanar kotu ko ta tona asiri a Fesbuk. Ba don shagon bai cancanci fushi ba. Dalilin shi ne wannan saƙo yana da mai karatu na biyu wanda bai zo ba tukuna: jami'in hukuma, ko na banki, ko alƙali, wanda wata rana za a iya tura masa zaren gaba ɗaya. Abin da ake so ya gani shi ne mutum mai natsuwa da ya kawo ranaku da hujja tun farko. Wannan kuma shi ne amfanin imel a kan kiran waya. Kira iska ne, ba ya barin sawu. In an yi magana da su ta waya, to bayan an ajiye a rubuta musu layi biyu: yau ƙarfe kaza na yi magana da ma'aikacinku, ya ce za a zo karɓa ranar kaza. In ba su musa ba, ya zama rubutacce.

Wajen haɗa fayiloli ana yawan tuntuɓe. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a saƙo ɗaya, bidiyon minti ɗaya na wayoyin yanzu kuwa yakan zarce haka. In ya yi nauyi, Gmail yana ɗora shi a Google Drive ya sa mahaɗi a madadinsa, kuma in ba a ba da izinin buɗewa ba, ma'aikacin zai danna ya tarar da ƙofa a rufe. A zaɓi "Anyone with the link", sannan a tura wa wani ɗan'uwa mahaɗin ya gwada. Hotuna kuma a ɗauko su daga wayar da ta ɗauke su. Wanda ya bi ta WhatsApp an matse shi, ƙananan lambobin kwali sukan dushe. A sa wa kowane fayil suna mai lamba daidai da jerin da ke cikin saƙon. A kuma duba adireshin da ake turawa: imel ɗin tabbatar da oda sau da yawa daga adireshi mai "noreply" yake fitowa, wanda ba mai karanta shi. Adireshin koke yana shafin taimako na shagon. In shagon yana da maɓallin neman mayar da kaya a cikin manhajarsa, a danna shi ma a ranar, a ɗauki hoton allon, a sa lambar da ya bayar a cikin imel ɗin, domin wasu shagunan da wannan dannawar suke lissafin wa'adi.

In amsa ta zo da lambar koke, duk maganar da za ta biyo baya a yi ta a cikin zaren nan ta hanyar danna Reply. Sabon saƙo yana buɗe sabon koke, ya koma bayan layi, wani ma'aikacin daban ya fara tambaya daga farko.

Ranar da za a karɓi wayar, malamar ta kwashe hotunanta da lambobinta, ta fita daga asusunta na Google, sannan ta goge wayar ta koma yadda ta fito. Jerin yana da muhimmanci: in aka goge waya ta bayan fage ba a cire asusun ba, takan kulle tana neman tsohon asusun, shagon kuma na iya ƙin karɓa. Ta ɗauki bidiyon sa wayar a kwali da rufe shi, ta karɓi takardar shaida daga ɗan aiken mai lamba da kwanan wata, ta tura hotonta cikin zaren. Daga wannan lokaci in wayar ta fashe a hanya, akwai abin da ke nuna lafiya ta bar hannunta.

Wata fitina kuma takan ɓullo a daidai wannan gaɓa, musamman ga wanda ya kai kukansa shafukan sada zumunta. Sai a kira shi, murya mai daɗi, wai daga sashen mayar da kuɗi, a ce ya karanto lambar katinsa ko lambar sirri ko lambar da banki ya turo masa yanzu. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Iyakarsa lambar asusu da sunan banki da sunan mai asusu.

To, a ce 14 ga Maris ta zo ba amsa, ko suka amsa da cewa ta je cibiyar gyara. Sai saƙo na biyu, a cikin zaren, gajere: na nemi a mayar mini da kuɗi ranar 11 ga Maris, cikin wa'adinku, ba gyara na nema ba, sashe na 132 na dokar 2018 ya ɗora alhakin a kan wanda ya sayar, in ban ji daga gare ku ba zuwa 21 ga Maris zan kai koke FCCPC. A nan ne ambaton doka yake da amfani, don yanzu akwai shiru ko ƙi da za a nuna. Ranar da ta tura saƙon farko ita ce abin riƙo, jinkirin da shagon ya yi wajen amsawa ba nata ba ne.

In 21 ga wata ta wuce, FCCPC tana karɓar koke ta shafinta na intanet, kuma abin da za ta nema shi ne abin da malamar ta riga ta tara: rasit, bayanin kaya, da shaidar cewa an nemi mai sayarwa tukuna. Da a ce da kati ta biya, da tana da ƙarin hanya, ta rubuta wa bankinta cewa tana ƙalubalantar cinikin. Tiransifa ba ta da wannan sauƙin, kuɗin da ka tura da hannunka banki ba ya janyo shi don kaya sun lalace. Jihohi irin su Legas da Kano kuma suna da kotunan ƙananan da'awa, waɗanda aka tsara su yadda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Kowacce daga cikin hanyoyin nan ta zaɓa, sai ta buɗe zaren a kwamfuta, ta danna Print, ta ajiye shi a matsayin PDF, ta haɗa da fayiloli biyar ɗin nan da takardar ɗan aike in an riga an karɓi wayar.